Man kariyar rana a baƙar fata: wanda ba ya barin fari, da yawan da ake shafawa

Masu baƙar fata da suka taɓa gwada man kariyar rana, wanda 'yan kasuwa ke kira sanskirin, kusan duk ƙorafinsu ɗaya ne. Ana shafawa sai fuska ta yi furu-furu kamar ta mai aiki a injin niƙa, gira ta yi toka-toka, gemu ya kama fari. Wasu a ranar suke jefa kwalbar cikin durowa, su da ita har abada. Wasu kuma, kuma su ne suka fi yawa, sai su nemo dabara: su riƙa lakato ɗan kaɗan a kan yatsa, su murza shi sosai har farin ya ɓace, su fita suna ganin sun kare kansu. Waɗannan na biyun sun fi na farko asara, domin suna kashe kuɗi, suna ɗaukar wahala, amma kariyar da aka rubuta a jikin kwalbar ba ta isa fatarsu. Lambar da ke jikin man an auna ta ne da wani adadi sananne, kuma adadin ya ninka abin da yawancin mutane ke shafawa sau biyu zuwa huɗu. Saboda haka batun fari da batun yawa ba a raba su. Man da ya dace da baƙar fata shi ne wanda za a shafa shi cikakken awo, a dubi madubi, a iya fita da shi cikin mutane.

Kafin a kai ga zaɓe, akwai tambayar da ta cancanci amsa ta gaskiya: mai baƙar fata me zai yi da wannan man? Fatarmu tana da tata kariyar. Sinadarin melanin da ke ba ta launi yana shanye wani kaso na hasken da ke ƙona fata. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1979 ya auna saman fatar baƙaƙe ya samu kariyarta ta kai kusan SPF 13, ta turawa kuma wajen 3. Wannan ya sa kansar fata da rana ke haddasawa ba ta cika kama baƙaƙe ba. Nau'in kansar melanoma da ya fi samunmu a tafin ƙafa yake fitowa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta cika gani ba. Irinsa ne ya yi ajalin Bob Marley a 1981, kuma daga yatsan ƙafa ya faro. Duk mai talla da ya zo yana tsorata baƙin mutum mai lafiyayyar fata da kansa don ya sayar masa da mai, ya zuzuta.

Abin da rana ke yi wa baƙar fata da gaske shi ne tabo. Ƙurji ɗaya ya fito a kumatu, ya warke cikin mako, amma baƙin da ya bari ya shafe watanni, domin ƙwayoyin da ke yin melanin a fatarmu masu saurin zabura ne, kuma kowace fita rana tana ƙara zuga su. Haka melasma, wato baƙin nan mai faɗi da ke sauka a kumatu da goshi da saman leɓe, musamman ga mata masu juna biyu ko masu shan ƙwayar tazarar haihuwa. Haka baƙin da aski ke bari a wuya da haɓar maza. Mai irin wannan tabo zai iya ƙarar da kuɗinsa a kan mayukan gyara, amma muddin rana na dukan wurin kullum, abin da aka goge da dare shi ake maidowa da rana. Sai kuma mutum biyu da lamarinsu ya wuce na kwalliya. Na farko zabiya, wanda fatarsa ba ta da melanin ɗin da zai tare masa komai, kuma kansar fata babbar barazana ce gare shi tun yana matashi. Na biyu wanda ya daɗe yana shafa man bilicin, ya rage wa fatarsa launi da kauri, ya bar ta a fili. Su waɗannan, fari ko babu fari, kariya ce a gaba.

Daga ina farin yake zuwa

Sinadaran da ke tare hasken rana a cikin man iri biyu ne. Iri na farko garin ma'adinai ne, kuma guda biyu ne kacal: wanda ake rubutawa Zinc Oxide da wanda ake rubutawa Titanium Dioxide. Dukansu farin gari ne da ba ya narkewa a mai ko a ruwa, sai dai a dama shi a ciki. Titaniyom ɗin shi ne ainihin abin da ke ba farin fentin gida farinsa, kuma ya fi zink haske nesa ba kusa ba. Idan aka shimfiɗa wannan garin a fuska, yana shanye mafi yawan hasken da ke cutar da fata, amma yana kuma watso hasken da ido ke gani ya dawo waje. A farar fata ba a lura sosai. A baƙar fata kuwa, ɗan farin da ya dawo yana zaune ne a kan duhu, dole ya fito.

Kamfanoni sun yi ƙoƙarin magance wannan ta hanyar niƙa garin ya yi laushi matuƙa, har ƙwayarsa ta gaza nanomita 100. A kayan da aka yi don kasuwar Turai za a ga kalmar nano a gefen sunan sinadarin, domin doka ta wajabta a rubuta. Niƙan yana rage farin, ba ya kawar da shi. Abin da ma yake faruwa a fata mai duhu sosai shi ne farin ya koma wani shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, saboda ƙananan ƙwayoyi sun fi watso shuɗin haske. Kuma man ma'adinai zalla da ke son kaiwa SPF 50 sai an zuba masa garin da yawa, wani har ya kusa kashi 25 cikin 100. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: man ma'adinai zalla marar launi, in an shafa shi cikakken awo a fata mai duhu sosai, da wuya ya ɓace, ko da an rubuta a jikinsa cewa ba ya barin fari. Sau da yawa a kan fatar da ta fi tamu haske aka gwada wannan alƙawarin.

Iri na biyu su ne sinadaran da ke narkewa a cikin man, waɗanda aka saba kira na kemikal. Sunan yana tsorata mutane ba gaira ba dalili, domin zink da titaniyom ɗin ma kemikal ne. Tun da narkewa suke yi, ba su da ƙwayar da za ta watso haske, sai su bushe a fata ba tare da launi ba. Nan ne mai baƙar fata zai fara nema. A kayan Amurka za a ga sunaye irin su Avobenzone, Octocrylene, Octisalate da Homosalate an jera su a sama. A kayan Turai da Koriya da Japan akwai sababbin sinadarai da suka fi jure rana, sunayensu dogaye ne, ba sai an haddace su ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a juya kwalbar a karanta jerin abubuwan da ke ciki, a duba ko akwai Zinc Oxide ko Titanium Dioxide. In babu su, an tsallake babban dalilin fari.

Akwai tarko biyu da ya kamata a sani. Wani sinadari da ake ƙidaya shi cikin na kemikal, amma shi ma gari ne ba ya narkewa. A jerin ana rubuta shi Methylene Bis-Benzotriazolyl Tetramethylbutylphenol, kuma ganin kalmomin farko biyu ya isa a gane shi. Kariyarsa mai kyau ce, sai dai in ya zo a farkon jerin, wato yana da yawa, yana iya barin toka a fuska. Shi ne yake rikita wanda ya rantse ya sayi man da ba shi da zink amma ya ga fari. Tarko na biyu shi ne mayukan Asiya da aka rubuta wa Tone Up. Waɗannan da gangan aka yi su don su haska fuska, farin nasu ba kuskure ba ne, shi ake sayarwa.

Na kemikal ɗin ma suna da nasu aibin, kuma gara a san shi kafin a saya. Wasu suna sa yaji a ido idan gumi ya gangaro da su, kuma a zafin watan Afrilu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganinsa a canza wani, ko a bar kewayen ido ga tabarau. Abobenzon yana iya barin rawaya ko ruwan tsatsa a bakin farin hijabi da wuyan farar riga, musamman in an wanke da ruwan burtsatse mai sinadarin ƙarfe. Sannan hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta buga bincike a 2019 da 2020 da ya nuna wasu daga cikin tsofaffin sinadaran suna ratsa fata su shiga jini. Binciken bai nuna cewa suna cutarwa ba, kuma hukumar ba ta ce a daina shafawa ba, ƙarin gwaji ta nema. Duk da haka likitoci da yawa sun fi shawartar mai juna biyu da mai fata mai saurin ƙaiƙayi su yi amfani da na ma'adinai. Ga irin waɗannan, mafita ita ce mai launi, wanda za mu zo kansa.

Lambobi biyu a jikin kwalba

SPF yana magana ne a kan hasken UVB, wanda ke ƙona fata. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 nasa, SPF 50 kuma kusan kashi 98. Bambancin kamar ba shi da yawa, amma tun da kusan kowa yana gaza awo, 50 ɗin yana ba da rara. Ƙasa da 30 bai cancanci kuɗin mutum ba a ƙasar da ma'aunin ƙarfin hasken rana ke haura 11 da tsakar rana a bazara.

Sai dai ga mai fama da tabo, ba SPF ne kaɗai abin dubawa ba. Hasken UVA shi ne ke nutsawa cikin fata ya ƙara mata duhu, yana ratsa gajimare, yana ratsa gilashin taga da na gefen mota, kuma baƙar fata ta fi iya tare UVB a kan yadda take tare shi. Kowace nahiya da yadda take nuna kariyarsa. Kayan Japan da Koriya suna rubuta PA da alamar tarawa, daga ɗaya zuwa huɗu, a nemi PA++++. Kayan Turai suna sa haruffan UVA a cikin da'ira, ma'ana kariyar UVA ta kai aƙalla kashi ɗaya bisa uku na lambar SPF. Kayan Amurka kuma Broad Spectrum suke rubutawa. Man da ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun, a ajiye shi.

Akwai abu na uku da babu lambarsa a jikin kwalba. A 2010 masu bincike a birnin Ditiroit na Amurka suka haska wa mutane hasken da ido ke gani, suka samu cewa a fata mai duhu yana haifar da baƙin da ya fi na UVA ƙarfi da daɗewa, alhali a farar fata bai yi komai ba. Man da ya bushe babu launi ba ya tare wannan hasken, dalili kuwa a fili yake: da yana tare shi da an gan shi. Abin da ke tare shi shi ne launin da ake yi da tsatsar ƙarfe, wanda ke cikin hoda da fandeshan, kuma a jerin sinadarai ana rubuta shi Iron Oxides, ko CI 77491, CI 77492 da CI 77499, wato ja da rawaya da baƙi. An gwada wannan a kan masu melasma a Meziko a 2014, waɗanda suka shafa mai ɗauke da shi sun fi samun sauƙi a kan waɗanda suka shafa marar shi, alhali maganin da aka ba su ɗaya ne.

To sai a ce kowa ya sayi mai launi kawai. Matsalar ita ce yawancinsu launi ɗaya ko biyu ake yi, a ce ya dace da kowa, kuma wannan “kowa” ɗin ba ya haɗawa da mu. Launin ruwan madara da shayi a fuskar baƙar mace ya fi farin ma muni. In an dace da kamfanin da ke yin launuka masu duhu kuma ɗaya ya hau, shi ke nan, an huta, har mai juna biyu ta samu na ma'adinan da za ta iya fita da shi. In ba a samu ba, a raba aikin biyu: a shafa marar launi cikakken awo, a bari ya bushe, sannan a ɗora fandeshan ko hodar da ta dace da launin fata a kai. Wanda ba shi da melasma ko tabo mai taurin kai ba lallai ya damu da wannan matakin ba.

Awo

Duk lambar SPF da aka gani, a ko'ina aka yi man, an same ta ne ta hanyar shafa miligiram 2 a kan kowane santimita murabba'i na fata. Wannan shi ne ƙa'idar gwaji. Idan aka ɗauki fuskar babban mutum a kan santimita murabba'i 600, lissafin ya ba da miligiram 1,200, wato giram 1.2, kusan mililita ɗaya da kwata. Daga nan aka samo awon da likitocin fata ke faɗa: rubu'in ƙaramin cokalin shayi don fuska kaɗai, rabin cokali in an haɗa da wuya da kunnuwa. Cokalin da ake nufi mai mililita 5 ne, irin na maganin yara.

Akwai awon yatsu da ya yaɗu, wato a ja layin mai a kan manuniya da ɗan tsakiya tun daga gindinsu har ƙarshe. Yana da amfani, amma yana da rauni, domin kaurin layin ya danganta da faɗin bakin kwalbar da kaurin man. Man da yake tsinkakke kamar ruwa ba ya ma tsayawa a yatsa, nasa sai layi uku ko fiye. Abin da ya fi tabbas shi ne a sayi sirinji marar allura a kemis, a zare abin turawar, a toshe bakin da yatsa, a matsa man a ciki har ya ɗan haura alamar mililita 1, sannan a juye shi a tafin hannu a kalle shi da kyau. Sau ɗaya ya isa ido ya riƙe. Yawancin mutane in sun ga tulin sai su ce ai wannan ya yi yawa. Bai yi ba, shi ne awon.

Ga misalin da zai nuna girman giɓin. A ɗauki malamar makaranta mai tabon ƙuraje a kumatu, tana fita da safe a adaidaita sahu, tana tsayuwar taron ɗalibai a filin makaranta, tana dawowa gida da ƙarfe biyu. Ta sayi man SPF 50 mai mililita 50, tana shafawa kowace safiya ba fashi, kwalbar ta yi mata wata biyar, tabo kuma yana nan inda yake. Ba sai an ga fuskarta ba za a gane matsalar. Wata biyar kwana 150 ne. A raba 50 da 150, ya ba da kashi ɗaya bisa uku na mililita a rana, wato kusan rubu'in abin da ake buƙata. Masana sun yi saɓani a kan yadda kariya ke faɗuwa in an rage awo, amma ko a lissafin da ya fi sassauci, rubu'in awo rubu'in kariya ne. SPF 50 ɗinta ya dawo wajen 12, watakila ƙasa da haka. Da tana shafa cikakken awo sau ɗaya a rana, kwalbar kwana 40 za ta yi. In aka tambaye ta dalilin ragewa, amsar ba ta wuce biyu: ko man yana barin fari in ta ƙara, ko tana tattalinsa saboda tsada. Kowanne da maganinsa, amma na farko maganinsa canza mai ne, ba ƙara murzawa ba.

Wannan ne ya sa gwajin da ake yi a shago, na ɗiga ɗan kaɗan a bayan hannu a murza, ba ya nuna komai. Kowane mai yana ɓacewa a haka. Gwaji na gaskiya shi ne a shafa shi da kauri a gefen muƙamuƙi, a jira minti 10 zuwa 15, a fita waje a duba a hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan shago ba. Jiran yana da dalili. Kusan kowane kirim yana fari a farkon shafawa saboda ruwan da ke cikinsa, kuma wannan farin yana tafiya in ruwan ya bushe. Wanda ya rage bayan rubu'in awa shi ne na gari, kuma ba inda za shi. A ɗauki hoto da waya, domin kyamara tana tona tokar da madubi ke ɓoyewa. A duba gira da bakin gashi. In da hali a fara sayen ƙaramar kwalba a yini da man a fuska, saboda wani sai an yi gumi yake fitar da fararen layuka a goshi.

Shafawar kanta tana da 'yar dabara. A raba awon gida biyu, a shimfiɗa rabi, a jira minti biyu, a ƙara sauran. Haka ya fi zama lafiya, kuma wurin da hannu ya tsallake a karon farko yana samu a na biyu. A shimfiɗa ne a hankali, domin aikin man shi ne ya zauna a saman fata ya bushe ya zama shimfiɗa mai kauri ɗaya. A yi haka kamar minti 15 kafin fita. Da hunturu, lokacin da fata ke bushewa ta yi kaushi, kowane mai ya fi nuna fari saboda yana maƙalewa a saɓar fata, don haka a fara shafa man jiki marar nauyi, a bar shi ya shiga tukuna. In man yana murmushewa yana fita kamar dauɗa, yawanci abin da aka shafa a ƙasa ne ya yi yawa ko bai bushe ba. Kada kuma a cakuɗa shi da fandeshan ko man kaɗe ko basilin a tafin hannu don a kashe farin. Cakuɗawar tana tsinka shi, tana lalata shimfiɗar, lambar da ke jikin kwalba ta tashi daga aiki. Man kaɗe abu ne mai kyau ga fata, amma ba ya maye gurbin man kariya, haka ma hodar da aka rubuta wa SPF, tun da babu mai shafa hoda da kaurin da aka gwada ta.

Alwala da aljihu

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sake shafawa duk bayan awa biyu in ana cikin rana, da kuma bayan gumi mai yawa ko wanke fuska. Ga musulmi wannan na ƙarshen ba abu ne na lokaci-lokaci ba. Alwala wanke fuska ce, kuma a mazhabar Malikiyya da cuɗawa ake yi, saboda haka mafi yawan abin da aka shafa da safe yana tafiya a alwalar Azahar, daidai lokacin da rana ke kan ganiyarta. Rubutun Water Resistant ba ya ceton wannan. Ma'anarsa man ya jure zama cikin ruwa na minti 40 ko 80 a wurin gwaji, ba cuɗa da hannu da goge fuska da hankici ba. Malamar misalinmu, da take hawa adaidaita da ƙarfe biyu, shafawar bayan Azahar ta fi mata ta safe amfani. Ta bayan La'asar kuma sai ga wanda zai daɗe a waje, domin ƙarfin hasken yana tsakanin ƙarfe 10 na safe ne zuwa 4 na yamma. Da Magariba babu sauran buƙata, sai ma a wanke fuska da sabulu mai laushi kafin kwanciya, musamman ga mai ƙuraje.

Sau biyu a rana na nufin kwalbar mililita 50 ta ƙare a kwana 20, kuma ba kowane aljihu ne zai ɗauki wannan ba. Tattalin da ya dace shi ne a rage ranaku da wurare, kada a rage kauri. Ranar da mutum zai yini a ɗaki nesa da taga, ya huta. Mai hijabi wuyanta da kunnuwanta a rufe suke, fuska da bayan hannu kaɗai suka rage mata. Sannan manyan kwalabe na jiki, masu mililita 200, sun fi araha ƙwarai in an lissafa a kan kowace mililita, kuma sinadaran kariyarsu irin na fuska ne, bambancin yawanci a maiƙo yake. In fata ta karɓe shi bai tayar da ƙuraje ba, babu abin da ya hana a shafa shi a fuska, kuma a shafawa biyu a rana zai yi kwana 80. Laima da malafa da tabarau da bin inuwa su kuma ba sa ƙarewa.

Namiji da ke yini a waje, ɗan acaɓa ko manomi ko magini, nasa awon rabin cokali ne, domin hula ba ta rufe kunne da ƙeya. Mai gemu ya nemi tsinkakken mai ko mai kama da jel, kirim mai kauri yana daskarewa a gashi. Wanda zai buɗe jiki gaba ɗaya, kamar mai iyo, yana buƙatar wajen mililita 35, cokali bakwai: ɗaya ga kowane hannu, ɗaya ga kowace ƙafa, ɗaya gaba, ɗaya baya, ɗaya ga kai da wuya. Jariri da bai kai wata shida ba kuwa inuwa da sutura ake ba shi.

Abu na ƙarshe da ke iya ɓata duk wannan lissafin shi ne man da ba na gaske ba, ko wanda ya lalace. Sanannun mayukan kariya suna da jabu a kasuwa, kuma jabun yana iya zama babu abin kariya a cikinsa. Farashin da ya yi ƙasa sosai da na sauran shaguna alama ce, haka rubutun da ya dushe ko kwalbar da ba ta da lambar rukuni da ranar ƙarewar aiki. A Nijeriya a duba lambar NAFDAC. A guji wanda aka haɗa a gida aka ɗura a roba da sunan na gargajiya, domin babu mai iya sanin SPF ɗin mai sai an kai shi ɗakin gwaji. Na gasken ma zafi yana kashe shi. Kwalbar da ta yini a kan tebur a rana a bakin kasuwa, ko a cikin motar da aka rufe, tana iya rabuwa. In an matsa sai ruwa-ruwa ya fara fitowa kafin kirim, ko ya yi gudaji, ko warinsa ya sauya, to ba zai ƙara shimfiɗuwa daidai a fata ba, ko da ranar da aka buga a jikinsa ba ta yi ba.